Zafin Bazara Da Kaji: Darasin Da Muka Koya Da Kuɗinmu A Kanya Babba

A wannan makon za mu yi magana ne da waɗanda suka tara 'yan kuɗinsu suka zuba kaji a bayan gida, ko suke da niyyar zubawa, domin kada abin da ya same mu ya same su.

Mu uku ne muka haɗa jari, dukkanmu 'yan gida ɗaya a Kanya Babba ta Ƙaramar Hukumar Ɓaɓura. Biyu muna jami'a, na ukun ƙanenmu ne da ke sakandare, kuma shi ne mai kula da kajin idan ba ma gari. A ƙarshen watan Fabrairun 2024 muka sayo 'yan tsakin burola guda 100 da lissafin su isa sayarwa a Ƙaramar Sallah, wadda ta kama ranar 10 ga Afrilu. Muka zuba su a wani tsohon ɗaki na bulo mai rufin kwano, faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 4, da taga ɗaya. Har suka shiga mako na shida, biyu kacal muka rasa, har mun fara kiran kanmu gwanaye.

Ranar Juma'a 5 ga Afrilu, ana azumi na 26, muka cika musu abinci da ruwa da hantsi. Muka tafi masallaci, muka dawo, kowa ya nemi inuwa ya kwanta, kamar yadda mai azumi ke yi a irin wannan rana. Sai bayan La'asar ƙanenmu ya buɗe ɗakin, ya tarar da kaji 17 a kwance sun mutu, kuma manya-manyan cikinsu ne. Sauran sun buɗe baki suna haki, mazuban ruwa duk sun ƙafe. Kowace daga cikin waɗanda suka mutu ta ci abinci kusan kilo uku da rabi tun zuwanta, wato sama da buhu biyu na kilo 25 muka binne tare da su, ban da kuɗin tsaki da na rigakafi. Saura kwana biyar Sallah.

Da farko mun ɗauka annoba ce ta shigo. Wani dattijo malamin dabbobi da ya yi ritaya, abokin Kawunmu, shi ya zo ya duba da yamma. Bai nemi ganin magani ba. Ya ɗaga hannu ya taɓa kwanon rufin, ya leƙa mazuban ruwa, sannan ya tambaye mu ƙarfe nawa muka ba su abinci. Da muka gaya masa sai ya ce, “Yara, ba cuta ce ta kashe kajin nan ba. Kun ƙoshe su, kun rufe su a tanda, kuka bar su ba ruwa.” Maganar ta yi mana ɗaci, amma gaskiya ce. Abin da muka koya daga wurinsa, da abin da muka karanta daga baya, da abin da muka gwada da hannunmu, shi za mu shimfiɗa muku.

Me ya sa zafi ke kashe kaza?

Jikin kaza ya fi namu zafi. Namu digiri 37 ne, nata kuwa wajen 41 zuwa 42, kuma idan ya haura da digiri huɗu ko biyar, ta mutu. Ga shi ba ta yin gumi, sannan tana sanye da rigar gashi. Yanayin da ya fi yi wa babbar kaza daɗi shi ne tsakanin digiri 18 zuwa 24, mu kuwa a ƙasar Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, a watan Afrilu da Mayu, zafin inuwa ma yakan kai digiri 40 ko ya wuce. A makon da kajinmu suka mutu, yankin Sahel gaba ɗaya yana cikin wani matsanancin zafi, har garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilun 2024.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, kaza ita kanta murhu ce. Burola mai kilo biyu tana fitar da zafi kamar na ƙwan lantarki mai wat 10 zuwa 15. Guda 100 a ɗaki ɗaya sun haura wat 1,000, kamar a kunna dutsen guga a bar shi dare da rana. To wannan zafin dole ya sami hanyar fita. Idan iska ta fi jikin kazar sanyi sosai, zafin yana fita ta ƙafafu da tsoron kanta da ƙarƙashin fukafukai, shi ya sa za ka ga ta ware fukafukai ta kwanta a ƙasa mai sanyi. Amma idan iskar ɗakin ta matso kusa da zafin jikinta, wannan hanya ta toshe. Abin da ya rage mata shi ne haki, wanda takan fara tun daga wajen digiri 29 ko 30. Haki kuwa ruwa yake ƙonawa: danshin maƙogwaro da na hanyoyin numfashi ne ke tashi ya tafi da zafi, kamar yadda gumi ke yi mana.

Daga nan za ku ga cewa magana uku ce kawai. A rage zafin da ke shigowa daga rufi, a bar iska ta kwashe na ciki. A tabbatar akwai ruwan da kaza za ta yi haki da shi. Sannan a hana cikinta hura wuta a daidai lokacin da rana ta fi ƙuna. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaki: rufi da iska

Bayan abin ya faru, mun sayi ɗan ma'aunin zafi, muka rataye shi a tsohon ɗakin daidai tsayin kan kaza, ba daidai fuskar mutum ba, domin zafin da kaza ke ji shi ne abin aunawa. Da ƙarfe uku na rana ya nuna 44, alhali a gindin darbejiyar ƙofar gida 40 yake nunawa. Wato ɗakin da muka gina don kare su ya fi waje zafi. Dalili kuwa a fili yake. Kwano yana shan rana yana feso zafi ƙasa, bangon bulo ya riƙe zafin har dare, taga ɗaya kuma ba ta ba iska hanyar shiga ta wani gefe ta fita ta wani.

Kakarmu ce ta fara yi mana dariya. Ta ce, “Ku 'yan boko, ku dubi kajina. Wa ya taɓa ganin kazar gida a rana da Azahar?” Muka duba kuwa. Nata suna ƙarƙashin rumbu, wasu sun tona ƙasa mai danshi a gindin randa sun lafe. Kazar gida tana da 'yancin neman sanyi da ƙafarta, ga ta ba nauyi. Burola kuwa an ƙirƙire ta don ta yi nama cikin mako shida ko bakwai, nauyinta ya fi ƙarfin zuciyarta da huhunta, kuma inda ka ajiye ta nan za ta zauna. Don haka duk abin da kazar gida ke nemar wa kanta, kai ne za ka kawo wa burola.

A shekarar 2025 da muka sake gwadawa, mun bar ɗakin bulo, muka kafa rumfa mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6. Tsawonta ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Hikimar ita ce, rana tana bin doron rufin ne daga fitowarta zuwa faɗuwarta, ba ta leƙowa ta dogayen gefuna inda kaji suke. Gajerun gefunan biyu, na gabas da na yamma, su muka toshe da zana, musamman na yamma, domin ranar La'asar ta fi kowace cutarwa. Dogayen gefunan kudu da arewa kuwa, bulo layi biyu kawai muka jera, daga nan sai ragar waya har sama. Bangon da ya fi kan kaza tsawo yana tare mata iska ne, ko da mai kajin yana jin iskar a fuskarsa.

Rufin mun ɗaga shi ya kai mita 3 a tsakiya, muka sa bakinsa ya zarce bango da kusan mita ɗaya ta kudu da ta arewa. Kada a ce arewa ba ta buƙata. A yankinmu, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, ranar tsaka tana ɗan karkata arewa ne. A doron rufin mun bar 'yar kafa a tsawonsa, muka yi mata hula, saboda iska mai zafi sama take tashi, idan ta sami kafa sai ta fice. Sannan muka shimfiɗa karan dawa da ciyawa a kan kwanon, kauri kamar taƙi ɗaya, muka ɗaure da waya don kada iskar farkon damina ta kwashe. Wannan shi ne gyara mafi araha kuma mafi saurin nuna amfani. Wanda ba shi da halin sabuwar rumfa, ya fara da shi: ya rufe kwanonsa da kara, ya fasa bango ya sa raga ta gefe biyu masu fuskantar juna. Wanda bai sami kara ba, ya shafe saman kwanon da farar ƙasa, domin fari yana mayar da hasken rana. Sai dai rufin kara yana da nasa haɗarin. Yana tara ɓeraye, kuma abincin gobara ne, don haka a nisanta shi da madafa, a kuma sabunta shi duk shekara.

Sai yawan kaji. A tsohon ɗakin, kowane murabba'in mita yana ɗauke da kaji sama da 8. A sanyin hunturu wannan ba laifi ba ne, amma a bazara cunkoso ne, domin kowace kaza tana shaƙar zafin maƙwabciyarta. A sabuwar rumfa mai murabba'in mita 18 mun zuba 90, wato biyar-biyar. Mun kuma rage kaurin buntun shinkafar da ke ƙasa zuwa kamar yatsu uku, tunda shimfiɗa mai kauri tana riƙe zafi. Wani kuskuren da muke yawan gani a gidajen abokai shi ne barin leda da buhunan da aka lulluɓe raga da su tun kajin suna tsaki. Ɗan tsako na makon farko yana son ɗumi, wajen digiri 32 zuwa 34, amma da zarar ya fara gashi, a bazara, waɗannan labulen sun zama likkafani.

Ruwa: yawa, sanyi da kusanci

A ranar da muka yi asara, mazubai biyar gare mu masu cin lita 6 kowanne, lita 30 ke nan. A yanayi mai daɗi, kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincin da ta ci. Burolar mako biyar zuwa shida tana cin gram 150 zuwa 180 a rana, don haka lita 30 zuwa 35 ta ishi guda 100. Mu da wannan lissafin muka saba tun farkon Maris. Amma idan zafi ya doshi digiri 40, shan ruwan yakan ninka. Kajinmu suna buƙatar lita 60 ko fiye, wato jarka biyu da rabi, kuma mafi yawansa tsakanin hantsi da La'asar. Ruwan ya ƙare wajen Azahar, daidai lokacin da hakinsu ya fi tsanani. Kazar da ke haki ba ruwa, awa biyu ko uku sun ishe ta.

Yawan ruwa kaɗai bai wadatar ba, sai da sanyinsa. Idan ruwa ya yi ɗumi ya wuce digiri 30, kaji suna rage sha, idan kuma ya yi zafi kamar jikinsu ko ya fi, sukan ƙaurace masa ko da ƙishi na cinsu. Baƙar jarka ko baƙin tanki da aka bari a rana, zuwa Azahar ruwansu ya isa wanka. Gwajin mai sauƙi ne: ka tsoma hannunka, idan ba ka ji sanyi ba, ruwan bai dace ba.

A nan ma abin gida ne ya fitar da mu. Randar ƙasa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, busasshiyar iska ta ɗauke shi ta tafi da zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mu dai randa biyu muka girke a inuwa kusa da rumfar, muka naɗe su da jiƙaƙƙen buhun algarara. Da asuba ake cika su. Daga nan ake canza wa kaji ruwa sau huɗu: da safe, da ƙarfe goma sha ɗaya, da ƙarfe biyu, da kuma bayan La'asar. Ba ƙari ake yi a kan tsohon ruwa ba, zubar da mai ɗumin ake yi a waje a zuba sabo. Ranar da aka sami ƙanƙara, a jefa guntu a kowane mazubi.

Mun kuma ninka mazuban suka zama goma, muka warwatsa su yadda babu kazar da za ta yi tafiyar da ta wuce mita biyu kafin ta sha. Wannan yana da muhimmanci, domin burola mai nauyi idan ta kwanta tana haki, ba ta son tashi, sai ta mutu da ƙishi ga ruwa a ɗaya kusurwar. Shi ya sa da rana ƙanenmu yake shiga ya ratsa su a hankali, ba tare da kora ko hayaniya ba. Idan suka miƙe, zafin da ya taru a ƙarƙashinsu ya fita, kuma da yawa sukan nufi ruwa.

Game da garin bitamin da sinadaran gishiri da ake sayarwa a shagunan magungunan dabbobi, suna taimakawa, musamman masu bitamin C, wanda masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka daɗe suna nazarin amfaninsa ga kaji a lokacin bazara. A bi ƙa'idar da aka rubuta a jikin ledar, a dama sabo kullum da safe. Amma a sani taimako ne kawai. Babu garin da zai maye gurbin inuwa da ruwa. Kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da wasu ke ɗura wa kaji da sun ga suna haki, ɓarnar kuɗi ce, tunda zafi ba ƙwayar cuta ba ne.

Abinci: ba yawansa ba, lokacinsa

Wannan shi ne abin da ya fi ba mu mamaki. Duk wanda ya ci tuwo ya ƙoshi da tsakar rana ya san yadda gumi ke karyo masa. Narkar da abinci yana haifar da zafi a cikin jiki, kuma zafin yana kai ƙololuwa ne 'yan awoyi bayan an ci. Mu da muka cika mazuban abinci da ƙarfe goma na safe, mun sa wutar cikinsu ta haɗu da wutar rana tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu. Shi ya sa manyan, waɗanda suka fi ci, su suka fara mutuwa.

Tsarin da muka koma bi a 2025 shi ne wannan. Da an idar da sallar Asuba a zuba abinci, su ci cikin sanyin safiya. Ƙarfe tara a ɗaga mazuban a rataye su sama, ko a fitar da su. Daga nan har ƙarfe biyar na yamma ruwa kawai. Ƙarfe biyar, idan ma'auni ya fara sauka kuma haki ya lafa, a mayar da abinci. Da dare a kunna musu fitilar sola su ci gaba da ci, sannan a kashe na awa huɗu ko biyar su huta. Abincin da za su ci a yini bai ragu sosai ba, lokacinsa ne ya koma inda babu haɗari.

Wannan tsari yana da iyaka. Ba a yi wa 'yan tsaki shi. Sai kaji sun kai mako huɗu, lokacin da nauyi ya fara zama musu matsala, kuma sai a ranakun zafi mai tsanani. Girmansu na iya ɗan ja baya da 'yan kwanaki, amma kazar da ta makara ta fi wadda ta mutu. Sannan idan aka mayar da abinci da yamma sukan yi ribibi, su tattake juna, don haka dole mazubai su wadata yadda kowace za ta sami wuri a lokaci guda. Kada kuma a ce tunda ba sa ci sosai, bari a gauraya musu dusa don a yi tattali. Kazar da ke cin kaɗan ita ta fi buƙatar abinci mai inganci.

Masu kajin ƙwai, irin su Shika Brown da cibiyar NAPRI ta Shika ta samar, nasu ya ɗan bambanta. Su ba a cika ganin mutuwa farat ɗaya ba, sai dai ƙwai ya ragu, ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi laushi yana fashewa a kiret. Dalilin shi ne, haki yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, alhali da ita da sinadarin kalsiyam kaza ke gina ɓawo. Ginin ɓawon yana ɗaukar kusan awa 20, kuma mafi yawansa da dare ake yi. Saboda haka a ba su kashi ɗaya cikin uku na abincinsu da asuba, kashi biyu da yamma, tare da ɗan tsakin ɓawon kawa ko na dutsen farar ƙasa. Wasu manoman suna kunna fitila awa ɗaya zuwa biyu a tsakar dare don kajin su ƙara ci su sha, amma suna barin duhu na aƙalla awa uku kafin nan da kuma bayan nan, don kada lissafin kwanan kazar ya rikice.

Kuskurenmu na biyu

Kada ku ɗauka mun gama ƙwarewa. Kajin 2025 mun zuba su ne a ƙarshen Afrilu don Babbar Sallah, wadda ta kama 6 ga Yuni. A makonnin farko, muna rataya jiƙaƙƙun buhuna a gefen da iska ke shigowa, kuma ma'auni yana sauka da digiri biyu ko uku. A ƙarshen Mayu sai aka yi wata rana da hadari ya haɗu bai zuba ba, iska ta tsaya cak, gumi yana bin kowa ba ya bushewa. Ganin kajin suna haki, muka ƙara jiƙa buhunan, har muka yayyafa ruwa a shimfiɗa. A ranar muka rasa uku.

Malamin dabbobin nan ya sake yi mana bayani. Jiƙaƙƙen buhu da randa da hakin kaza duk aiki iri ɗaya suke yi, wato ruwa ya bushe ya tafi da zafi, kuma hakan yana yiwuwa ne idan iska busasshiya ce, kamar ta Maris da Afrilu. Idan iska ta riga ta ƙoshi da danshi, kamar gab da saukar damina, ƙara mata ruwa toshe wa kaza hanyarta ta ƙarshe ne, ga buhunan sun tare iskar da ta rage. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kuma tana tayar da warin kashi mai yaji a ido da huhu. Alamar da za ka gane ita ce: ka jiƙa ƙyalle ka rataya. Idan ya bushe nan da nan, buhu zai yi aiki. Idan ya daɗe a jiƙe, ka sauke buhuna, ka buɗe ko'ina, ka nemi fanka ko da ta sola ce, ka mai da hankali kan ruwan sha mai sanyi. Idan za a zuba ruwa, a saman rufi za a zuba, ba a ciki ba. Duk da haka, a cikin 90 mun kai 84 kasuwa, uku zafi ya ci, uku kuma tun suna tsaki suka mutu.

Yadda za ka bambance zafi da cuta

Wannan ya zama dole, domin wanda ya ɗauki annoba a matsayin zafi zai rasa kajinsa har da na maƙwabta. Mutuwar zafi tana da lokaci: daga Azahar zuwa Magariba. Tana ɗaukar manyan kaji masu ƙiba. Waɗanda suka tsira kuwa, da gari ya yi sanyi sai su miƙe su ci abinci kamar ba abin da ya faru. Amma idan kana tarar da gawa da asuba, babba da ƙarama, ga koren zawo, ko murɗewar wuya, ko kumburin kai, ko tari da majina, kuma sanyin dare bai kawo sauƙi ba, to ka yi zargin cutar Niyukasil ko murar tsuntsaye. Kada ka sayar, kada ka yanka, ka binne waɗanda suka mutu, ka sanar da ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Idan kuma ka tarar da kaza ta faɗi don zafi amma da sauran numfashi, ka ɗauke ta zuwa inuwa mai iska, ka tsoma ƙafafunta da ƙirjinta a ruwan randa, ka shafa mata a kai, ka kusanto mata da ruwan sha. Ban da ruwan ƙanƙara, kuma kada ka ɗura mata da ƙarfi, tana iya shaƙewa. Haka nan rigakafi, da kamun kaji, da ɗaukarsu zuwa kasuwar Ɓaɓura ko Kazaure, duk a yi su da asuba ko bayan faɗuwar rana. Kajin da aka cusa a kwando aka ɗaure a bayan babur da Azahar, rabin hanya ya ishe su.

Ga wanda ke shirin zuba kaji a bana, kafin ka biya kuɗin tsaki, ka ɗauki kalanda ka ƙirga mako biyar zuwa bakwai daga ranar da za su iso, domin a nan ne haɗarin yake. Idan waɗannan makonni sun faɗo tsakanin ƙarshen Maris da farkon Yuni, ka rage adadi, ka gyara rufi tun kafin su zo, sannan ka tambayi kanka wa zai kasance a gida tsakanin ƙarfe goma sha biyu zuwa biyar, har ranar Juma'a, har ranar jarrabawa. Idan babu amsa, gara ka jira damina ta zauna.

Mu haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.